Fom ɗin "Tuntuɓe Mu": Yadda Ake Tare Saƙonnin Shara Ba Tare da An Kori Baƙi Ba

Makaranta ce ko asibiti, shagon atamfa ne ko ƙungiyar agaji, da wuya ka ga shafin intanet da ba shi da wani lungu mai suna "Tuntuɓe mu". Gurabe uku ne ko huɗu: suna, adireshin imel, wani lokacin lambar waya, sai wurin rubuta saƙo. Mai shafi ya tanade shi ne don uban da ke tambayar kuɗin makaranta, ko 'yar kasuwar da ke son sanin farashin sari. Amma ba a daɗewa da buɗe shi sai wasu baƙin su fara sallama: tallar caca, tallar maganin ƙarfi, da alƙawarin ɗaga shafinka zuwa saman Google. Yawancinsu ba mutum ne ya zauna ya rubuta ba. Wasu ƙananan manhajoji ne da ake kira bot, aikinsu yawo a intanet dare da rana, duk fom ɗin da suka tarar su cika shi su tura.

Idan abin ya ishi mai shafi, abin da ya fi saurin yi shi ne ya tsananta wa kowa. Sai a kafa jarrabawar zaɓen hotuna, a hana rubuta wasu alamomi, a ƙara tambayoyin da dole sai an amsa. Shara takan ragu, amma saƙonnin mutanen kirki ma sukan ragu, kuma wanda fom ya kora ba ya dawowa ya kai ƙara. Akwai hanyar da ta fi wannan. Tana farawa ne da gane cewa matsaloli biyu ne daban. Ta farko shara ce, wadda ke ɓata lokaci. Ta biyu cusa umarni ce, wadda ke iya mayar da shafin makami a hannun wani. Dukansu biyu ana iya maganinsu a bayan fage, inda baƙo ba ya gani.

Yadda saƙo ke rikiɗa ya zama umarni

Idan baƙo ya danna "Aika", abin da ya rubuta yana tafiya ne zuwa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira saba. A can wata manhaja za ta karɓe shi ta haɗa imel ta tura wa mai shafi, sau da yawa kuma ta ajiye kwafi a rumbun bayanai. Haɗarin yana wurin wannan haɗawar. Kwatanta da mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Kana faɗa yana rubutawa, sai a tsakiyar magana ka ce, "sa waɗannan adireshi ɗari biyar a bayan ambulan." Marubuci mai hankali ya san wannan ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi. Manhajar da aka rubuta da sakaci kuwa ba ta bambanta saƙo da umarni, duk abin da ya zo a siffar umarni sai ta aiwatar.

Kowane imel yana da kai da gangar jiki. A kai ne ake da layuka irin su `From:` da `To:` da `Subject:` da `Bcc:`, kowanne a layinsa, kuma abin da ke raba su shi ne alamar sauka sabon layi. Ga yadda ake yawan rubuta fom da yaren PHP idan ana gaggawa:

```
$kai = "From: " . $_POST['email'];
mail("ofis@example.com", "Sabon sako", $_POST['sako'], $kai);
```

Wannan ya ɗauki duk abin da aka rubuta a gurbin imel ya manna shi a kan wasiƙar yadda ya zo. Mai mugun nufi sai ya turo wannan a matsayin adireshinsa:

```
wani@example.com%0d%0aBcc: na1@example.net, na2@example.net
```

Alamar `%0d%0a` ita ce sauka sabon layi. Da ita ya buɗe wa kansa sabon layi a kan wasiƙar, ya jera mutanen da yake son tallarsa ta isa gare su, ya rubuta tallar a gurbin saƙo. Sabar makarantar ce za ta aika, ita ce kuma za ta ɗauki baƙin jinin. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1995 Matt Wright ya fitar da wata manhajar fom kyauta mai suna FormMail, wadda shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauka. Adireshin wanda za a aika wa saƙon yana cikin wani ɓoyayyen gurbi ne a jikin fom ɗin, inda kowa zai iya sauya shi. Zuwa wajajen 2001 'yan shara sun mayar da farautar shafukan da ke ɗauke da ita sana'a.

Mai shafi yakan gane an yi masa haka ta alamu uku. Akwatinsa zai cika da sanarwar cewa wasiƙun da bai san ya aika ba sun kasa isa. Imel ɗinsa na gaskiya za su fara faɗawa akwatin shara a wurin abokan hulɗa. Daga ƙarshe kamfanin da ya ba shi hayar saba zai dakatar da shi.

Maganin ba ya taɓa baƙo ko kaɗan. Adireshin mai karɓa a rubuta shi a cikin manhajar da ke saba, kada ya fito daga fom. Duk gurbin da zai shiga kan wasiƙa, wato suna da imel da batu, a ƙi karɓarsa idan akwai alamar sabon layi a ciki, domin babu sunan mutum ko adireshin imel mai layi biyu. A tantance adireshin da abin da yaren ya riga ya tanada, kamar `FILTER_VALIDATE_EMAIL` a PHP. Sannan layin `From:` ya ɗauki adireshin shafin kansa, a sa na baƙon a `Reply-To:`. Wannan na ƙarshe yana da wata fa'ida. Tun daga 2014, lokacin da Yahoo ya umarci sauran masu karɓar imel su riƙa watsi da duk wasiƙar da ta zo da sunansa amma ba daga sabobinsa ba, fom ɗin da ke aika saƙo da sunan baƙo yakan rasa wasu saƙonnin a hanya ba tare da kowa ya sani ba.

Akwai wata ƙofa da ake yawan mantawa da ita: kwafin saƙo da wasu fom ke tura wa baƙo don ya tabbata an karɓa. Ɗan shara sai ya sa adireshin wani a gurbin imel, ya rubuta tallarsa a gurbin saƙo, shafinka ya kai masa ita har gida. Idan dole ne a aika shaidar karɓa, a aika gajeren rubutu iri ɗaya ga kowa, ba tare da maimaita abin da aka rubuta ba.

Asma'u, Sa'adu da rumbun bayanai

Hanya ta biyu ta cusa umarni ta fi shafar mu kai tsaye. Yawancin rumbunan bayanai ana yi musu magana ne da yaren SQL, kuma a wannan yaren ana kewaye rubutu da ɗan waƙafin sama, irin wanda ke cikin Asma'u, Sa'adu, Mu'azu da A'isha. Idan manhaja tana manna suna a cikin umarni kai tsaye, ga abin da rumbun zai gani:

```
INSERT INTO sakonni (suna, sako) VALUES ('Asma'u', 'Ina tambaya')
```

A wurin rumbun, sunan ya ƙare a kan Asma, abin da ya biyo baya kuma ci gaban umarni ne. Da yake bai fahimce shi ba, sai ya yi kuskure, Malama Asma'u ta ga shafi ya ƙi. Mai kutse kuwa da gangan yake sa wannan alamar, ya bi ta da umarnin da rumbun zai fahimta, ya riƙa zaƙulo abin da ke ciki. An yi bayanin wannan dabara a fili tun 1998 a mujallar Phrack, amma har yau tana ci. A watan Oktoban 2015 an bi ta wasu tsofaffin shafuka na kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya aka kwashe bayanan mutum kusan 157,000, kuma a shekarar da ta biyo baya hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam 400,000.

A nan ne masu gina shafi da yawa ke yin maganin da ya zama cuta. Sai su ce gurbin suna ba zai karɓi komai ba sai haruffan A zuwa Z. Nan take an rufe ƙofa ga Asma'u da Mu'azu, da duk wanda ya rubuta Ɗanladi ko Ƙanƙara da haruffa masu lanƙwasa, da mai rubutu da ajami. Ba abin da ya fi ɓata rai kamar na'ura ta ce wa mutum sunan da aka raɗa masa ba daidai ba ne. Kuma ramin bai toshe ba, domin gurbin saƙo yana nan, kuma ba yadda za a yi a hana waƙafi a cikin saƙon Hausa mai cike da 'ya'ya da jama'a da sana'a.

Gyaran gaskiya shi ne a daina manna rubutun baƙo a cikin umarni. A fara ba rumbun siffar umarnin da gurabe a buɗe, sannan a miƙa masa bayanan daban:

```
$q = $pdo->prepare("INSERT INTO sakonni (suna, sako) VALUES (?, ?)");
$q->execute([$suna, $sako]);
```

Da wannan, ko me aka rubuta, rumbun zai ɗauke shi a matsayin rubutu kawai ya ajiye. Haka dokar take a lokacin nuna saƙon a allon mai kula da shafi. Idan wani ya rubuta `<script>` a saƙonsa kuma aka nuna shi ɗanye, burauzar sakatare za ta aiwatar da shi, har ta iya miƙa wa wani ikon shiga da sunansa. Don haka a lokacin nunawa ake bi da rubutun ta `htmlspecialchars`, ba a lokacin karɓa ba. Idan ka ga suna ya iso maka a matsayin `Asma\'u` ko `Asma'u`, alama ce an yi tsaftacewar a wurin da bai dace ba. Idan kuma Ƙ da Ɗ suna komawa alamar tambaya, rumbun ne ba a saita shi a kan tsarin haruffa na `utf8mb4` ko makamancinsa ba.

Me ya sa jarrabawar hotuna ba ita ce farko ba

Idan an toshe cusa umarni, saura shara. Sanannen makami shi ne CAPTCHA, wanda Luis von Ahn da abokan aikinsa na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka yi wa suna a farkon shekarun 2000. Google ya sayi reCAPTCHA a 2009, ya kuma kawo ɗan akwatin nan da ake dannawa a 2014, wanda idan bai gamsu ba yakan biyo da hotuna. Kamfanin Cloudflare ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum yakan ɓata daƙiƙa 32 a kan jarrabawa ɗaya. Wannan matsakaici ne. Mai ƙaramar waya a inda sabis ke rawa zai jira hotuna su sauko, su cinye masa data, sannan a ce ya nuna famfon kashe gobara na bakin titin Amurka, abin da bai taɓa gani ba, kuma sau da yawa da yaren da ba ya ji. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo ya fi kowa shan wuya.

Ga shi kuma ba ta hana wanda ya ƙudura. Akwai kamfanonin da ke biyan mutane su riƙa warware waɗannan jarrabawowi a madadin bot. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2010 ya gano ana sayar da warware guda dubu a kan kuɗin da bai wuce dala ɗaya zuwa biyu ba. Ke nan ɗan shara ya biya ƙwandala ya wuce, uban ɗalibi ya biya da lokacinsa da haƙurinsa.

Tarkuna uku da baƙo ba ya gani

Bot ba ya yin abu kamar mutum, kuma ta nan ake kama shi. Tarko na farko ƙarin gurbi ne da ake sakawa a fom amma a ɓoye shi daga ido. Mutum ba ya ganinsa, don haka zai bar shi fayau. Bot kuwa rubutun da ke ƙarƙashin shafin yake karantawa, kuma yawancinsu duk gurbin da suka gani sai sun cika. Akwai wurin taka tsantsan. Idan aka sa wa gurbin suna irin `address` ko `phone`, burauzar mutumin kirki tana iya cika shi da kanta. A ba shi sunan da burauza ba ta saba da shi ba, a sa masa `autocomplete="off"` da `tabindex="-1"`, a kuma ɓoye shi daga manhajar karanta allo.

Tarko na biyu agogo ne. Saba ta rubuta lokacin da aka buɗe fom, ta sa masa hatimin da ba a iya jabunsa, ta kwatanta da lokacin da aka turo. Ba mai rubuta suna da imel da saƙo cikin daƙiƙa uku. Amma ta ɗaya gefen a saki igiya: wanda ya fara rubutu, aka kira salla, ya dawo bayan awa guda, kada ya tarar fom ya mutu abin da ya rubuta ya ɓace.

Na uku shi ne ƙayyade yawan saƙon da zai fito daga wuri guda. A nan ma akwai abin lura. Kamfanonin waya sukan haɗa ɗimbin masu amfani da data a ƙarƙashin adireshin intanet guda, haka ma jami'a ko ma'aikata. Wanda ya ce saƙo ɗaya tak a rana daga kowane adireshi zai hana mutanen da ba su san juna ba. Iyaka mai sassauci, kamar goma a awa, ta isa ta karya ambaliya. Toshe ƙasa sukutum kuma ya fi muni, domin wanda ke son biya wa ƙaninsa kuɗin makaranta yana iya kasancewa a Jidda ko Kumasi.

A yi awo kafin a yanke hukunci

Babu ɗaya daga cikin tarkunan nan da ba ya kuskure, shi ya sa bai kamata ɗaya kaɗai ya yanke hukunci ba. A ɗauka wata makaranta ta tsara maki kamar haka: cika ɓoyayyen gurbi maki uku, turowa ƙasa da daƙiƙa uku maki biyu, saƙo mai mahaɗin shafi fiye da biyu maki biyu, saƙo iri ɗaya da wanda ya riga ya shigo yau maki biyu. Wanda ya samu ƙasa da uku ya wuce akwatin sakatare. Daga uku zuwa huɗu a ajiye shi a akwatin tuhuma. Biyar zuwa sama shara ne.

Saƙo ya shigo cikin daƙiƙa ɗaya, ɓoyayyen gurbi a cike, da mahaɗai shida na gidan caca: maki bakwai, an gama da shi. Kada a sanar da shi an kama shi, a nuna masa "an karɓa" kamar kowa, don mai shi kada ya gane inda tarkon yake. Malama Asma'u ta yi minti huɗu tana rubuta tambaya a kan kuɗin zango: ba ta da maki ko ɗaya, ba ta ma san an auna ta ba. Wani uba kuma ya riga ya rubuta saƙonsa a wani wuri, ya manna shi, burauza ta cika masa suna da imel, ya tura cikin daƙiƙa biyu: maki biyu, ya wuce. Da agogo kaɗai ke hukunci, da an zubar da saƙonsa. Na huɗu burauzarsa ta yi karambani ta cika ɓoyayyen gurbin: maki uku, yana akwatin tuhuma, inda sakatare zai gan shi idan ya leƙa.

Idan bayan duk wannan shara tana tsallakowa, to lokacin ne za a ƙara jarrabawa, kuma ga masu makin tsakiya kawai. Akwai irin waɗanda yawanci ba sa nuna hoto, kamar reCAPTCHA v3 ta 2018 mai ba da maki daga 0.0 zuwa 1.0, da Turnstile na Cloudflare da ya fito a 2022. Sai dai a san cewa suna aika wasu bayanan burauzar baƙo zuwa wani kamfani, kuma amsarsu dole a saba za a tabbatar da ita. Wannan doka ta shafi komai: duk binciken da aka yi a burauza kaɗai ado ne, domin bot ba ya bi ta allon, kai tsaye yake jefa wa saba saƙo. Su ma 'yan tallar da ke zama su cika fom da hannu, ba tarkon da zai gane su da bot, sai dai tace abin da saƙon ya ƙunsa.

Abin da mai shafi zai gwada da kansa

Ba sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka san halin da fom ɗinka ke ciki. Ɗauki waya mai araha, ka buɗe shafinka da data, ka rubuta suna Sa'adu Ɗanƙane, ka sa 'ya'ya da ƙanƙara a saƙon. Idan shafin ya yi kuskure, ka kira wanda ya gina shi a ranar, domin mai yiwuwa ramin SQL a buɗe yake. Idan ya ƙi sunan, ana korar maka mutane. Sake gwadawa da imel mara daidai, ka ga ko za a nuna maka gurbin da ka yi kuskure a bar maka sauran rubutunka, ko kuwa za a share komai. Irin wannan gwaji a shafinka kaɗai ake yin sa.

Sannan ka tambayi mai ginin yaushe rabon da ya sabunta kayan da fom ɗin ya dogara da su. A Disambar 2016 an gano wani rami a PHPMailer, manhajar aika imel da shafuka miliyoyi ke amfani da ita, wanda ake shiga ta gurbin adireshin mai aikawa. A Disambar 2020 kuma an toshe wani a Contact Form 7 na WordPress, wanda ya shafi ɗora fayil. Duka an gyara su cikin gaggawa, amma gyara ba ya amfanar wanda bai sabunta ba. Idan ba ka buƙatar baƙi su ɗora fayil, a cire gurbin gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne a ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin duba akwatin tuhuma sau ɗaya a mako. Idan ana yawan tsintar saƙon gaskiya a ciki, ma'aunin ya yi tsauri, a sassauta. Idan shara ce ke yawan isa akwatin sakatare, a ƙara maki a inda take bi. A kuma rubuta lambar wayar ofis a gefen fom ɗin, domin wanda tsarin ya yi wa kuskure ya samu wata hanyar da zai isar da buƙatarsa.